Lambar da Na Buga Ban Yi Magana Ba

A shekarar da na baro Gwaram na shiga makarantar koyon kwamfuta a Birnin Kudu, babbar na'ura ɗaya muke da ita, kowane ɗalibi da sunan shigarsa. Da yake ba na surutu kuma ba na tsallake layi, ni Malaminmu ya zaɓa na buga makin jarrabawa.

Ranar Alhamis na gama. Da sunan Malam muka shiga, yana tsaye a bayana, saura a sa izinin wanda zai iya taɓa fayil ɗin makin. Ya ce, "Ni komai nawa ne, ɗalibai kuwa su karanta kawai. Sa chmod 766."

Yatsuna suka tsaya. Chmod umarnin ba da izini ne, lambar farko ta mai fayil, biyun baya na sauran mutane, kuma na san lissafin: karatu huɗu, rubutu biyu, gudanarwa ɗaya. Bakwai ta mai fayil daidai ce. Amma shida huɗu ce da biyu, wato kowa ya karanta, ya kuma rubuta. 744 ya kamata, don huɗu karatu ne kawai. Sai dai mutumin nan sa'an mahaifina ne, a gidanmu kuma ba a cewa babba ya yi kuskure. Na buga, na tafi gida hutun ƙarshen mako.

Litinin na shigo aji. Malam ya juyo mini da allon na'urar. Wani ɗalibi da ko kunna na'ura bai iya ba ya ci tamanin. Nawa makin, sittin da takwas, ya koma casa'in da tara.

Wani daga baya ya ce mini, "Ustaz, ashe kai ma kana taɓawa!"

Malam bai yi dariya ba. "Ni da kai kaɗai muka taɓa fayil ɗin nan. Kwashe littattafanka."

Kora ke nan, saura wata guda mu karɓi takardar shaida. Na ce, "Allah gafarta Malam, a duba izinin."

Ya buga ls -l, umarnin da ke nuna izinin fayil. Ga shi ɓaro-ɓaro: rwxrw-rw-. Na nuna masa w guda biyu na baya, alamar kowa na iya rubutu, na roƙi na kusa da ni ya buɗe fayil ɗin da nasa sunan. Ya ƙara harafi ɗaya, ya adana, na'ura ba ta yi musu ba.

Malam ya dafe kai. "Innalillahi! Ni na ɗauka shida tana ƙasa da bakwai da mataki ɗaya, kamar maki." Sai ya dube ni. "Ka sani tun Alhamis?"

Na sunkuyar da kai.

"Ka sani, ka yi shiru?"

Wannan ta fi korar zafi. Da takardunsa na hannu muka mayar da makin, sittin da takwas ɗina ya dawo. Ba a taɓa gano wanda ya yi ba. Ya janyo mini kujera ya ce, "Faɗi lambar da ƙarfi, ni zan buga."

Na ce, "Bakwai, huɗu, huɗu."