Motar da Yaya Ya Kawo Mana

Shekarar da maigidana ya gaji da tuƙa motar wani, ya ce zai sayi tasa ya riƙa ɗaukar ma'aikata daga Suleja zuwa Abuja. Duk abin da muka tara a kanta zai ƙare. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin motoci ne a bakin titi wajen Zuma. Shi ya aurar da ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da ya ji labari sai ya ce kada mu kuskura mu je wurin bare, yana da wata tokumbo, wadda aka ɗan hau a ƙasar waje, mai lafiya.

Ranar Asabar da hantsi ya kawo ta ƙofar gida, tana ta sheƙi. Maigidana ya zagaya ta yana sa albarka. Na san shi da mota, ko ta aboki ce sai ya leƙa ƙarƙashinta, amma ran nan ya zuba hannuwa a aljihu. Wa ya isa ya kira bakanike ya duba kayan yayan matarsa? Ai ya ce masa maƙaryaci ke nan.

Ni da ba ruwana da wannan kunya na buɗe ƙofa na shige baya. Ƙamshin turaren wuta ya tare ni, mai yawa, kamar ɗakin amarya. Na rufe ƙofa na ce a kunna mini esi in ji daɗin masu kuɗi. Iskar na fitowa na ji wani wari a ƙarƙashin turaren, warin ruma. Na san shi sarai. Da ruwa ya shiga ɗakinmu wata damina, katifarmu ta yi wata da watanni tana wannan wari, har muka haƙura muka jefar.

Na fito na ja maigida zaure na gaya masa. Ya ce, "Ni ba zan iya ba. Ke ƙanwarsa ce. Ki jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, ki leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai, ki sa a ɗaga safaya."

Na koma ina wasa da dariya. Bel ɗin fes yake daga sama, amma can ƙarshensa, inda yake naɗe a ciki, ga shatin ruwan laka ya bushe. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin kujera. Ƙarfen da kusoshinsa duk sun yi ja da tsatsa, alhali kafet ɗin sabo ne dal. Na cusa hannu ta gefensa, na ji soson da ke ƙasa da danshi.

"Auta, me kike nema ne haka?" in ji Yaya.

"Inda zan riƙa ɓoye kuɗin cefane, Yaya. Buɗe mini but."

Ya buɗe yana dariyar da ba ta kai ciki ba. A ramin safaya akwai busasshiyar laka ta maƙale a lunguna, wurin da ruwan wanki ba ya kai ta.

Daga nan maigida ya daure ya zauna a kujerar direba. Ya kashe motar, ya sake murɗa makulli rabi yana kallon fitilun gaban sitiyari. Duk suka kama ban da ta iyabag, jakar iskar da ke tare mutum a haɗari, wadda ya kamata ta haska ta mutu. Ya danna gilashin baya, ya sauka rabi ya tsaya. Ya sunkuya ya zare wani soket a ƙarƙashin kujera, bakin wayoyin ya yi kore. Ya mayar da shi a hankali. Daga baya ya gaya mini irin wannan mota tana iya yin wata biyu lafiya lau, sannan wayarin ɗin ya fara ci, yau hon gobe fitila, wata rana ta mutu a tsakiyar titi da fasinja.

Har lokacin ina fata cutar Yaya aka yi. Na ce, "Yaya, motar nan ta kwana a ruwa. Wanda ya sayar maka ya cuce ka."

Ya dube ni, ya ce, "To ai shi ya sa na rage muku kuɗin. Da bare ne da ban rage ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Maigida ya shiga ba da haƙuri, wai kuɗin ne ba su gama haɗuwa ba. Ni na ce, "Kuɗi sun haɗu. Motar ce ba ma so."

Yaya ya shiga motar ya ja abarsa. Bayan sati uku muka sayi wata a wurin bare, da bakanike da mai wayarin a gefe, maigida ya kwanta a ƙarƙashinta son ransa.

Da sallah ta zo na yi girki na tafi gidan Yaya kamar kullum. Matarsa ta karɓi kwanon a tsakar gida ta ce ya fita. Takalmansa na bakin ƙofar ɗaki, ina jin tarinsa daga ciki. Na ce a gaishe shi idan ya dawo.