Albashin Dogo

Kawuna tela ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da kekunan ɗinki uku da teburin yanka. Teburin nan na Dogo ne, abokinsa tun suna koyon aiki. Dogo ya yanka, Kawu ya ɗinka. Har tsufa ya kama su suna tsokanar juna: Kawu ya ce almakashin Dogo ya fi Dogo haƙora, Dogo ya ce ai almakashin bai taɓa cin abincin Kawu ba.

Da aka mayar da tashar mota bayan gari, sai titin ya mutu, aiki ya ja baya. Wata rana da hantsi matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta same shi ya yi tagumi a tsakar gida.

"Malam, ku rage sayen zare da maɓalli mana," in ji ta.

"Ai waɗannan su suka rage kansu. In babu riga, babu zare, babu zif. Kuɗin wuta ma ya sauka tunda keke da dutsen guga suna hutawa, amma akwai wani kaso a cikinsa da ake biya duk wata ko ban kunna komai ba. Masu cin raina su ne waɗanda ba sa motsi. Riga ɗari ko riga ɗaya, hayar shago tana nan yadda take." Kawu ya ɗago ya dube ta. "Haka ma albashin Dogo."



Wanda ya ba Kawu hayar shagon ya ƙi rage kuɗin haya. Kawu ya yi ta juya maganar a ransa, har ranar da ya tsaya a gaban teburin yanka, idonsa a ƙasa.

"Dogo, albashin wata ya fi ƙarfina. Sai dai in riƙa biyanka a kan kowace riga da ka yanka."

Dogo ya ajiye alli a hankali, ya yi murmushi.

"Wato ka mai da ni zare ke nan. To, ba komai, ɗan'uwa. Ni ma ina da ido."

Shagon ya tsira da haka. Amma akwai satin da riga biyu kawai Dogo ya yanka, ga iyali. Bai taɓa ƙorafi ba. Tsokanar ce dai ta ƙare. Daga baya ɗansa ya zo ya tafi da shi garin da yake aiki. Kafin shekara ta zagayo aka aiko cewa Allah ya yi masa rasuwa.

Kawu bai samu jana'iza ba, sai gaisuwa, na raka shi. Matar Dogo ta ce masa, "Kullum sai ya tambaya ko aiki ya dawo maka."

A hanyar dawowa ina zaune kusa da shi a mota. Ya juya fuskarsa wajen taga, kafaɗunsa suna rawa, har muka iso.