Fasfon Gwaggo da aka huda

Kun taɓa ganin wanda sai ya nemi biza kafin ya shiga ɗakin uwarsa? To gwaggona ce, ƙanwar babana, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban gama gane yadda aka yi ba, ku dai ku yi haƙuri da rubutuna sauri nake.

Gwaggo guga take yi a wajen wankin wani otal, ƙasa can inda babu taga, zanin gado ake cusa wa inji ta wannan gefe ita tana cafkewa ta wancan tana ninkewa, hannunta duk tabon ƙuna. Shekararta goma sha ɗaya a ƙasar nan, ni a wajenta nake zaune, ɗaki ɗaya da ɗan kicin. Abu ɗaya ne ya dame ta, Kaka, wato mahaifiyarsu, tana can gida ta tsufa ƙafa ta ƙi. Gwaggo so take ta je ta zauna da ita iya yadda Allah ya so ba tare da ƙirga kwana ba. Amma katin zamanta na nan in ka yi shekara a waje ya mutu, aiki ya tafi, fanshon da take ta hanƙoro kuma ba ta san makomarsa ba. Sai aka ce mata ai in ta zama ƴar ƙasa shikenan, ta fita ta dawo sanda ta ga dama.

Karon farko da ta je ofishin neman zama ɗan ƙasa da takardunta a leda, cewa ta yi ta ninka shekara biyar ɗin da suke nema ma. Matar da ke bayan gilashi ta buɗe fasfo tana bin hatimi da yatsa, sai ta tsaya. Wai wata takwas ɗin da Gwaggo ta yi a gida lokacin da Kaka ta faɗi a banɗaki ya yanke lissafi, duk fitar da ta wuce wata shida sabon ƙirge ake farawa. Gwaggo ta ce to shekarun baya fa, a ina ta yi su, a sama? Matar ta ce saura wata goma sha huɗu. Ta dawo gida ta rataye kalanda kusa da firji tana soke rana da biro.

Sai kuma jarrabawa. Tambaya ashirin, sai ka ci sha biyar, a kan majalisa da kotu da tarihi da haƙƙin mutum. Gwaggo da karatunta sai a hankali, ta sa aka zuba mata tambayoyin a waya tana saurara da abin kunne a wajen aiki, har abokan aikinta suna ce mata alƙaliya. Tana soya albasa sai ka ji ta ce wa ke sa hannu a doka, ta ba kanta amsa, ta ce a'a ƙarya kike yi. Zaman farko sha uku ta ci, ta kwana biyu ba ta kula kowa. Na biyu ta ci sha bakwai.

Yanzu ga inda abin ya cakuɗe. Akwai maƙwabcinmu na bene na sama, direban bas ne, Kawu Direba muke ce masa duk da ba mu haɗa komai ba sai harshe. Shi ya daɗe da zama ɗan ƙasar nan. Gwaggo ta tare shi a matakala ta tambaye shi tsohon fasfonta fa, za su karɓe? Ya yi dariya ya zaro nasa guda biyu daga aljihun rigar aiki ya kaɗa mata kamar karta.

“Hajiya kin cika tsoro. Ga ni gabanki, biyu ne, da wanda na ga dama nake tafiya.”

Ta ce ta ji an ce wasu ƙasashen ba su yarda. Ya ce wannan na wasu ne, mu da muke Hausa ɗaya, kakanninmu kasuwa ɗaya suke ci, garinsu da namu tafiyar awa biyu ce a mota. Ba wanda ya tuna cewa a cikin awa biyun nan akwai kan iyaka. Ni ma ina wajen na gyaɗa kai.

Kuma fa ta ƙara tambaya a ofis. Suka ce su a wajensu ba matsala ta riƙe goma ma, amma dokar ƙasarta ba su za su faɗa mata ba, ta je ofishin jakadancinsu. Gwaggo ba matsala kawai ta ji, sauran ya bi iska, ga shi ofishin jakadancin a wani gari yake sai ta yi asarar ranar aiki.

Ta yi rantsuwa ranar wata Talata, ta sa leshinta mai ruwan ƙasa, aka ba ta takarda da ƴar tuta, muka yi hoto. Da sabon fasfo ya fito ta haɗa shi da tsohon ta ɗaure da roba.

To tsohon ya kusa ƙarewa, sai muka hau jirgin ƙasa zuwa ofishin jakadanci a sabunta kafin tafiya. A fom akwai inda aka tambaya ko ka karɓi zama ɗan wata ƙasa. Gwaggo da murnarta ta cire robar ta miƙa wa ma'aikacin wurin duka biyun, har tana ba shi labarin sha bakwai ɗin. Ya dubi ranar rantsuwa, ya tambaye ta takardar izini. Wane izini? Wai a dokarmu in kana son riƙe biyu sai ka nemi izinin gwamnati tun kafin ka rantse, in ba ka nema ba, ranar da ka rantse ranar ka fita da kanka.

“Ɗana ban gane ba. Ga shi a hannunka, ga hotona, ga sunan garinmu.”

“Mama littafin ne kawai. Tun ranar Talatar nan ba naki ba ne.”

Ta ce a can fa aka yanke mata cibiya. Ya ce ya sani, ya ga wurin haihuwa. Ta ce to ta nemi izinin yanzu, ya ce ba a nema daga baya, sai dai ta cika takardar neman a mayar mata da zama ƴar ƙasa, shi kuma yana ɗaukar lokaci kuma ba shi ke yankewa ba. Ya sa abin huda ya huda fasfon wuri biyu, ya miƙo mata da fom ɗin biza, kwana casa'in.

A jirgi tana ta tambayata, wato da katin zama shekara guda take iya yi wajen Kaka, yanzu da ta ci jarrabawa wata uku? Na ce haka na ji. Ta ce sake lissafawa. Na sake, haka ya fito.

Kawu Direba da ya ji sai da ya sauko har ƙofa, yana rantsuwa shi bai sani ba, tasu ƙasar ta yarda. Gwaggo ta ce ya koma sama kar bas ya tafi ya bar shi.

Ta cika neman mayarwar, shiru har yau. Ta tafi da bizar, yau kwananta arba'in da ɗaya. Jiya na kira, Kaka ta karɓe wayar tana tambayata wai wane ne yake ƙirga wa ƴarta kwana a ɗakinta, a turo shi ta gan shi. Na ce mata layi ba kyau.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa wani, musamman masu haddar tambayoyin nan yanzu. Su je ofishin jakadancinsu da ƙafarsu su tambaya kafin ranar rantsuwa, ba maƙwabci ba.