Abin da Ban Rubuta a CV Ba

Wata bakwai bayan na zauna gaban wata mata mai samo wa kamfanonin fiton kaya ma'aikata a Treichville, na shiga wani shagon intanet a Adjamé na rubuta mata imel. Na daɗe ina ja da baya, don a ganina tuni ta manta da ni. Na gaishe ta, na tuna mata ranar da muka gana, na ce na kammala kwas ɗin cike takardun kwastan da ta ba ni shawarar yi, na haɗa da sabon CV. Ban roƙi komai ba.

Bayan kwana biyu sai ga kiranta. Ta ce, "Ba kai ne mahaifiyarka ta kira ka a waya muna cikin magana ba? Da Hausa ka amsa mata, na rubuta a gefen takardarka. Wani kamfani a tashar jiragen ruwa yana neman mai jin maganar 'yan kasuwar Kano."

Na tsaya baki buɗe. Faransanci da Turanci na jera a CV, Hausata kuwa ban taɓa ɗaukar ta abin rubutawa ba. Matar nan minti ɗaya ta ji ta, amma ta riƙe ta har wata bakwai.