Sakin Layi Na Tara

A jikin jarida ta koyi karatu, ko da yake ba cikakkiyar jarida ba. Mahaifinta tela ne, kuma da tsofaffin jaridu yake yanka samfurin hannun riga da wuya. Abin da ya zubo ƙarƙashin tebur shi ne rabonta. Takan karanta labari ta kai inda ya fara daɗi, sai ta tarar almakashi ya riga ta. Idan ta yi ƙorafi, uban ya ce, "Sauran yana jikin rigar wani, bi shi ki karanta." Da ta gama makaranta aka ɗauke ta koyon aiki na wata uku a wata ƙaramar jarida, kuma tun ranar farko aka sa mata 'Yar Tela.

A wancan zamani ɗakin labarai ɗaki ne na gaske: tebura shida, keken rubutu huɗu, waya guda, da agogon bango da ba wanda ke jayayya da shi. Ƙarfe biyar ake rufe karɓar labari, ƙarfe shida shafuka su tafi wurin bugu. Editan labarai, wanda ake kira Jan Biro a bayan idonsa, tambaya ɗaya gare shi: "In ji wa?" Ko cewa ka yi ana ruwa, sai ya leƙa taga. Ya koya mata kuma cewa abin da ya fi muhimmanci shi ke hawa sama, domin idan wuri ya gaza, daga ƙasa ake yanke labari. Ta rubuta wannan a littafinta, har ta ja masa layi.

Mako biyar tana gyaran sanarwa, sai wata safiya gobara ta ci layin kafintoci, manyan 'yan rahoto kuma duk sun fita.

"'Yar Tela, ɗauki littafinki," in ji Jan Biro. "Kalma ɗari uku. Kada ki kawo mini 'an ce'. An ce ba shi da adireshi."

Ta tarar wuta ta mutu, sai hayaƙi da warin jiƙaƙƙen katako. Jami'in kashe gobara ya ce shago goma sha biyu ne suka ƙone, kuma ba a rasa rai ba. Ta sa ya rubuta sunansa da muƙaminsa da hannunsa. Shugaban kafintoci ya ce shago ashirin ne. Ta bi layin tana ƙirga bakin ƙofa, ta je ta dawo, goma sha huɗu. Shugaban kafintocin ne kuma ya gaya mata gobe da safe katafila za ta zo ta kwashe ɓaraguzan.

Tana shirin tafiya wata dattijuwa ta riƙe mata mayafi.

"'Yata, ke ce mai rubutun? Maigidana ne mai gadin nan. Shekara goma sha ɗaya, bai taɓa kai ƙarfe bakwai bai shigo gida ba. Yau shiru. Ga kekensa can."

Keken yana ɗaure da sarƙa a jikin ƙofar shiga, wuta ba ta taɓa shi ba. Matar ta ce akwai wani ɗan lungu a bayan shagon ƙarshe inda yakan fake in iska ta taso, yanzu rufi ya rufta a kai. Ta faɗa wa kowa, ba wanda ya tsaya.

"In ya fito a jarida za su tona, ko ba haka ba?"

"Zan rubuta, Inna."

Ta koma wurin shugaban kafintoci. Ya ce tsohon ya gudu ne don tsoron a ɗora masa laifi, amma kada ta ce shi ya faɗi wannan maganar. Motar kashe gobara ta riga ta tafi. A asibiti, akawu ya bi rajista da yatsa, ba a kawo kowa ba, mai rai ko gawa. A ofishin 'yan sanda aka ce kakaki kaɗai ke magana da 'yan jarida, yana kuma taro. Ta zauna a benci har ƙarfe uku da rabi. Da ta dawo ofis ta buga masa waya sau huɗu, tana ta ƙara ba mai ɗauka.

Ƙarfe huɗu da minti goma ta zauna gaban keken rubutu. Ta fara sa batun ɓacewar mai gadi a sama, sai ta ji muryar Jan Biro a kunnenta, in ji wa? Mace ɗaya da keke. Ta zare takardar, ta sa sabuwa. A sama ta jera abin da ta tabbatar: shago goma sha huɗu, da maganar jami'i cewa ba a rasa rai ba, da sunansa da muƙaminsa. Sai lissafin da ya saɓa, sai katafila. Maganar matar ta zo a sakin layi na tara, na ƙarshe, a rubuce tsaf: ta ce bai dawo ba, wakiliyarmu ta ga keken, asibiti ba su karɓi kowa ba, ba a samu kakakin 'yan sanda ba.

Biyar saura minti shida ta miƙa. Jan Biro yana da labari bakwai a gabansa. Ya bi nata da sauri, ya gyara waƙafi biyu.

"Da ƙafarki kika ƙirga shagunan?"

"Sau biyu, Malam."

"To, ba laifi. Tela ya iya awo." Ya jefa takardar a kwandon mai tsara shafi.

Tana hanyar gida wata sanarwa ta shigo a makare, aka ba ta gindin shafi na uku. Mai tsara shafi ya auna, labarin ya yi tsawo da inci biyu. Ya yi abin da yake yi kullum.

Da safe mahaifinta ya sayi jarida sabuwa, karo na farko a rayuwarsa, yana nuna wa maƙwabta sunanta. Ita kuwa ƙasa ta fara dubawa. Labarin ya ƙare a kan katafila. Kanun ya ce ba a rasa rai ba, in ji jami'i.

Ta isa ofis da gudu. Mai tsara shafi ya ce, "Ƙanwata, ni ba karantawa nake ba, awo nake. Abin da ba a so a yanke ba a ajiye shi a ƙasa." Jan Biro ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Da na tsaya na karanta da kyau, da na ɗaga shi sama. Maganar matar mai gadin ce, kin kuma faɗi mai ita, ya isa. Je ki biyo labarin, gobe mu sa."

"Gobe, Malam?"

Ya mayar da tabarau, ya jawo wani labarin.

Ko da ta kai layin kafintoci, tifa biyu sun riga sun tafi da kaya, shagon ƙarshe ya zama fili. Ta tambayi direban katafila ko ya ga wani abu. Ya nuna kunnensa, ya ci gaba da aiki. Dattijuwar tana tsaye kusa da keken, da jarida a hannu, wani ya ba ta.

"'Yata, ban iya karatu ba. Nuna mini inda yake."

'Yar Tela ta karɓi jaridar, ta sa yatsa a ƙarshen labarin, inda sanarwar ta fara.

Labarin biyo baya ya fito washegari, mai gadi a layin farko. 'Yan sanda suka ce suna bincike. Ba a taɓa sanin inda tsohon ya shiga ba. 'Yar Tela kuwa ta yi shekara talatin da ɗaya a aikin, har ta zauna a kujerar Jan Biro, kuma waɗanda suka koyi aiki a hannunta sun san ta da wata ɗabi'a da suke yi wa dariya: duk labarin da aka miƙa mata, daga ƙasa take fara karantawa.