Gahawar Likita Ta Daina Ƙamshi

Ni karatuna na boko a aji uku ya tsaya, shi ma don malamin ya gaji da ganina ne yake tura ni gaba. Amma lamba na san ta, kuma abin da ya sa abokina ya aiko a kira ni daga Tambuwal ke nan.

Tsohon malamin asibiti ne, muna ce mishi Likita. Tun da ya dawo aikin hajji ya kamu da gahawa. Da ya yi ritaya ya koma Kebbe, ɗiyarshi da ke aiki Abuja take aiko mishi da gasassun 'ya'yan gahawa a jakar leda mai ƙyalli, duk lokacin da ta sami mai zuwa. Sa'ad da idonshi ke gani, shi ya koya mini duba jakar, ina yi mishi dariya. Kwanan wata iri biyu ake bugawa a jikinta. Ɗaya mai nisa, na ranar da aka ce kada a wuce; wannan, in ji shi, na mai shago ne. Ɗayan na ranar da aka gasa, kusa da wata kalma mai farawa da harafin R, shi ne na mai sha. A bar gahawa ta huta 'yan kwanaki bayan gashi, a shanye ta cikin makonnin farko. In ta daɗe ba ta kashe kowa, ƙamshin ne ke tafiya ya bar ɗaci.

Ciwon suga ya cinye mishi ido. Na hau kabu-kabu, hanyar Kebbe ta kusa raba ni da sauran haƙorana, na ishe shi a zaure ya rame. Ya ce ya daɗe bai ji ƙamshin gahawa ba. Ko jakunkunan ne tsofaffi, ko hancinshi ne ya bi idon. Abin da yake so ya sani ke nan, kuma bai yarda ya tambayi mutanen gida ba, don za su faɗa mishi abin da zai ji daɗi.

Hajiya, matarshi, ta kai ni ɗaki ta buɗe akwatin ƙarfe. Jakunkuna a jere. Ɗiyar manoman Jabo ce, ta tashi a gidan da ba a taɓa sabon gero sai na bara ya ƙare. Haka take yi wa gahawa: sabuwa ta zo, ta sa ta ƙasa, ta ɗauko tsohuwa. Na bi lambobin da yatsa, rana a farko, wata a tsakiya, shekara a ƙarshe. Wadda ake dafa mishi an gasa ta tun kafin azumin bara. Ta can ƙasa kuwa watan jiya aka gasa ta, har jakar ta ɗan kumbura da iska.

Na fito ina murna kamar na ci jarrabawa. Na ce Hajiya ta mayar da gahawa rumbu, saura ta lulluɓe ta da jinka. Ta ce tattali ne ta yi, ba wanda ya taɓa gaya mata, kuma gaskiyarta ce. Likita ya yi dariya har da tari, fuskarshi ta dawo irin ta da.

Na ɗauko sabuwar, ni na daka a ƙaramin turmi, a gabanshi, don bai yarda a daka sai lokacin sha. Tun daga dukan farko ƙamshi ya cika zauren, har maƙwabcin da ke wucewa ya leƙo da sallama. Na zuba garin a buta, na tsiyaya ruwan zafi. Ya kumbura ya yi kumfa, alamar sabuwar gahawa, yadda ya sha kwatanta mini.

Likita yana zaune, bai motsa ba.

“Ɗan aji uku, ka fara dakan?”

“Ka ji ƙarar turmi ai.”

“Na ji ƙara. Ta yi kumfa?”

Na ce ta yi. Na miƙa mishi kofi, ya kai hanci ya ja numfashi, ya sake ja. Ya kurɓa, ya riƙe a baki ya daɗe. Na shirya ƙarya mai kyau, cewa wata ƙila na karkace lambar, wa zai yi mamakin jahili irina? Sai ya riga ni.

“Kada ka fara. Karatunka daidai na. Ba laifin gahawa na ba, hancina na.”

Hajiya ta juya ta shige ciki. Shi kuwa ya ce in gaya mata ta daina ɓoyo, kuma kada kowa ya faɗa wa yarinyar, a bar ta ta ci gaba da aikowa, tana jin daɗin hakan. Ya miƙo mini kofin, hannunshi na neman nawa a iska.

Muka zauna har aka kira la'asar, ina sha ina ɓata fuska, yana tambayata abin da nake ji a hanci. Na ce kamar gyaɗa a kasko, da ɗan hayaƙi. Ya ce in ƙara tunani, akwai wani abu bayan gyaɗar. Na yi ta nema ban samo mishi ba.