Ranar da Akwatinmu Ya Kama Sabis ɗin Benin

Shekara biyu bayan ruwan da ya cinye shinkafar Kaoje, damina ta biyu da buɗe boda, yayata ta kwanta ciwon ajali a asibitin Sakkwato. Shekara tara ba ma magana, kan gonar babanmu. Da hantsi ɗanta ya bugo ya ce tana son ganin fuskata a waya mu yafi juna, kuma likita ya ce kada a jinkirta.

A gidanmu na Illo akwai farin akwatin intanet mai layin waya a ciki, ɗana ya sayo. Ranar yana Kende. Manya a gida daga ni sai matarsa, malamar firamare. Ta danna kiran bidiyo, shiru. Ga fitilun akwatin duk a kunne.

"Wuta na ci, mi ya hana shi aiki?" na ce.

"Inna, wuta daban, sabis daban."

Ban yi boko ba, amma abin da na gani sau ɗaya ba ya ɓace mini. Ta fara da wayar wuta, ta taɓa ta a bango da bayan akwatin, daram. Ta zare, muka jira kamar tsawon alwala, ta mayar. Ta duba wayarta, tana haɗe da akwatin. Ta gwada ta maƙwabciya, ita ma haka. Ta duba data, akwai. Ta kashe, ta ciro layin ta goge da gefen mayafi. Duk a banza.

Sai ta kira kamfanin. Matar da ta ɗauka ta ce turakun sabis ɗinsu lafiya lau, amma layinmu ba ya kansu, ya kama na Benin, kuma akwatin ba ya ba da intanet a sabis ɗin wata ƙasa. Ta tambaya ko an sauya masa wuri.

Surukata ta dube ni.

Ni ce. Bayan kiran ɗan yayata na ɗauke shi daga ɗakin gabas na kai tagar ɗakina ta yamma, mai kallon boda, don kada jikoki su ji abin da zan gaya wa yayata. Tun farko ta ga inda yake, kunya ta hana ta tambaya, ni kuma girman kai ya hana ni faɗa.

"Inna, kin kai shi Benin ba fasfo," ta ce.

Da hannuna na mayar da shi. Ta kashe ta kunna, kira ya shiga.

Yayata ta rame har sai da na nemi fuskarta a fuskar. Magana ta riga ta ɗauke mata. Na ce na yafe, ita ma ta yafe mini. Ta ɗaga yatsu biyu daga kan zane, ta sauke. Ɗanta ya ce yafewa ce. Na karɓa a haka, ko da yake da hantsi, in ji shi, tana iya magana. Kafin la'asar ta cika.

Cikin mu bakwai da babanmu ya haifa, yau saura ni da autanmu, mai kamun kifi a bakin Kwara.